Notis ɗin da ya makara: gidan haya a Kubwa da lissafin ranar miƙa makulli

Mu ɗauki wani gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, cikin Abuja. Mai gidan dattijo ne ɗan kasuwa, ɗan hayar kuma malamin makarantar sakandare ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ya shiga gidan ranar 1 ga Maris 2021 da yarjejeniya a rubuce ta shekara ɗaya, wadda ta ƙare ranar 28 ga Fabrairu 2022. Daga nan ba a sake rubuta komai ba. Duk shekara idan Maris ya kama malam ya tura kuɗi, dillalin da ke kula da gidan ya kawo masa rasit an rubuta kuɗin hayar shekara kaza. Kuɗin ya tashi a hankali har ya kai naira 900,000. Ba a taɓa jin kansu ba.

Ranar Litinin 11 ga Nuwamba 2024 ƙanen mai gidan ya kawo takarda mai shafi ɗaya, shi ne kuma ya sa mata hannu. Takardar ta ce Alhaji ba zai sabunta haya ba idan kuɗin bana ya ƙare, domin an sa ranar auren babban ɗansa bayan ƙaramar salla kuma a gidan za a ajiye amarya, saboda haka a miƙa makulli ranar 28 ga Fabrairu 2025. An rufe ta da godiya da fatan alheri.

Duk wanda ya karanta wannan takarda zai ce an yi mutunci, kuma an yi ɗin. Akwai dalili, dalilin gaskiya ne, akwai rana, ranar kuma ta dace da ƙarewar kuɗin da aka biya. Alhaji a ransa ya ba da fiye da wata uku, wanda a ganinsa ya wadatar. Amma ranar miƙa makulli ba daga buƙatar mai gida ake tsayar da ita ba. Daga irin hayar da ke tsakani ake lissafo ta, kuma a nan ne takardar ta faɗi.

Wace irin haya ce tsakaninsu?

Kafin a ƙirga ko da kwana ɗaya, wannan tambaya ce ta farko, kuma ita ce yawancin masu gidaje ba sa yi. Haya iri biyu ce ke kama da juna a ido alhali hukuncinsu ya bambanta ƙwarai. Akwai haya mai ƙayyadadden wa'adi, wadda takarda ta ce daga rana kaza zuwa rana kaza. Wannan da kanta take mutuwa idan ranar ta zo, ba a buƙatar notis na tashi kafin ta ƙare. Takardar da mai gida zai aika cewa ba zai sabunta ba tunatarwa ce da kyautatawa. Sannan akwai hayar shekara-shekara, wadda ba ta da ranar mutuwa. Duk shekarar da ta zagayo sabuwa ce take kamawa, har sai ɗaya daga cikinsu ya yanke ta da notis ingantacce.

A shekarar farko malam yana cikin iri na farko. Da Alhaji ya so gidansa a Fabrairun 2022, da ba shi da wata doguwar hanya. Amma wa'adin ya ƙare, malam ya ci gaba da zama, ya biya kuɗin shekara, aka karɓa, aka rubuta rasit na shekara, aka maimaita haka a 2023 da 2024. A irin wannan hali kotu kan ɗauka cewa hayar shekara-shekara ce ta ƙullu ta hanyar aikin ɓangarorin biyu, matuƙar babu wata shaida da ke nuna sun nufi wani abu dabam. Rasit ɗin nan da dillali yake rubutawa ba tare da ya tsaya tunani ba, su ne shaidar da ta fi kowace nauyi a lamarin.

Dokar da ke aiki a Abuja ita ce dokar karɓo gidajen haya da ke babi na 544 na kundin dokokin 1990. Sashe na 8 ya ce idan yarjejeniya ba ta faɗi tsawon notis ba, mai hayar mako a ba shi mako ɗaya, mai hayar wata a ba shi wata ɗaya, mai hayar wata uku-uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara kuma a ba shi rabin shekara. A lura da sharaɗin da ke farkon maganar. Da tsohuwar yarjejeniyar 2021 tana da sakin da ya ce kowane ɓangare na iya yanke haya da notis na wata uku, da Alhaji yana da hujja mai ƙarfi, domin sharuɗɗan tsohuwar takarda kan bi hayar da ta ci gaba. Da aka ɗauko takardar aka karanta, shafi biyu ne, sun yi maganar kuɗi da hana saka wani a gidan da hana fasa bango, amma ba su ce komai kan notis ba. Don haka rabin shekara ne.

Lissafin

Daga 11 ga Nuwamba 2024 zuwa 28 ga Fabrairu 2025 kwana 109 ne, wato wata uku da kwana goma sha bakwai. Bai kai wata shida ba. Don notis ya ƙare daidai ranar 28 ga Fabrairu 2025, dole ya kasance a hannun malam tun kafin watan Satumba 2024 ya kama, ta yadda Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu da Fabrairu za su cika ba gutsure. Ranar da takarda ta isa hannu ake dubawa, ba ranar da aka buga a samanta ba. Shi ya sa mai hankali yake kai ta tun tsakiyar Agusta, ya bar wa kansa sarari.

Abin da Alhaji ya fara cewa da aka nuna masa haka shi ne, to a sake rubuta wata, a ƙirga wata shida daga yau, malam ya tashi a watan Mayu. Wannan tunani ne mai ma'ana, kuma a Legas da ya yi aiki, domin dokar haya ta jihar ta 2011 ta yarda notis ya ƙare a ranar cikar haya ko bayanta. A Abuja tsohuwar ƙa'ida ce aka saba bi, wadda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Owodunni a 1991: notis na hayar shekara-shekara ya kamata ya ƙare a jajibirin ranar da hayar ke zagayowa. Ranar zagayowar wannan haya 1 ga Maris ce, jajibirinta kuma ƙarshen Fabrairu. Tunda an kuskure na 2025, na gaba da notis zai iya sauka a kansa shi ne 28 ga Fabrairu 2026. Jinkirin kusan wata biyu da rabi wajen kai takarda ya zama jinkirin shekara guda wajen karɓar gida.

Ina ganin tsaurin wannan ƙa'ida ya yi yawa, kuma masu gidaje da yawa da ba su yi wa kowa laifi ba sun sha wuya a kanta. Amma tana da tushe. Mutumin da ke biyan haya shekara-shekara yana tsara rayuwarsa ne a kan wannan zagaye. Adashin da ya shiga, bashin da zai karɓa a ƙungiyar ma'aikata, makarantar da ya sa yara, duka a kan watan biyan haya suke. A Abuja kuma ba kuɗin shekara kaɗai mai neman sabon gida zai tanada ba, akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na gyara, da motar kwashe kaya. Wata shida ba alfarma ba ce ga wanda albashi ne kaɗai abin dogaronsa.

Akwai matsala ta biyu a takardar, ƙarama amma tana kayar da shari'a. Ƙanen Alhaji ne ya sa hannu. Doka ta san mutum biyu a matsayin wakilin mai gida: wanda aka saba sa shi bayar da hayar gidan ko karɓar kuɗinta, da wanda mai gida ya ba izini na musamman a rubuce da sa hannunsa. Ƙanen bai taɓa karɓar haya ba, kuma ba shi da takardar izini. Zumunci bai wadatar ba a nan. Ko lauya ne zai rubuta notis, sai ya riƙe takardar izini daga mai gida wadda kwanan watanta ya riga na notis ɗin. Da Alhaji ya sa hannu da kansa, da wannan magana ba ta taso ba.

Dalilin da aka rubuta

Abin da ya fi ba Alhaji mamaki shi ne jin cewa dalilinsa, wanda shi ne zuciyar takardar a wurinsa, bai ƙara wa notis ɗin ko kwana ɗaya na inganci ba. Notis na yanke hayar shekara-shekara yana tsayuwa ne da tsawonsa da ranar ƙarewarsa da wanda ya ba da shi da kuma bayyana gidan daidai. Auren ɗa ba ya gajarta wata shida, haka nan sayar da gida ko niyyar rushe shi a sake gini.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a bar dalili gaba ɗaya ba. A wannan lamari dalilin ne ya hana rigima. Malam ya san yaron tun yana jami'a, ya san maganar auren gaskiya ce, bai ji an wulaƙanta shi ba. Ɗan hayar da aka aika wa takarda busasshiya mai cewa ka tashi kawai, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an samu wanda zai biya fiye da shi, daga nan kuma taurin kai ke farawa. Sharaɗin kawai shi ne dalilin ya zama gaskiya kuma ya zama ɗaya. Mai gidan da ya rubuta cewa ɗansa zai shiga, sannan bayan wata guda aka ga allon dillali a ƙofar da sabon farashi, ya zubar da mutuncinsa a unguwa, kuma idan magana ta kai kotu za a riƙe takardarsa a tambaye shi a kanta. Haka wanda ya jera dalilai biyar, da ƙarar janareta da yawan baƙi da jinkirin biya na shekarar da ta wuce, ya buɗe ƙofofi biyar na musu a inda ba ya buƙatar ko ɗaya.

Abin da kowannensu ya riƙe

A takarda malam ne ke da rinjaye. Yana iya cewa notis ɗin bai inganta ba, ya kawo kuɗin sabuwar shekara ranar 1 ga Maris, ya zauna. Wasu abokan aikinsa ma haka suka ba shi shawara. Amma lauyan da ya duba masa takardun ya ja masa kunne da abu biyu. Na farko, a 2021 Kotun Ƙoli a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes ta nuna gajiyarta da 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis suna shekaru a gidan mutane, har aka ce shigar da ƙara kanta sanarwa ce cewa mai gida yana son gidansa, kuma tana iya gyara tangarɗar da ke cikin notis. Lauyoyi suna saɓani kan iyakar wannan hukunci, amma tun daga lokacin ɗan haya ba zai kwanta da tabbacin cewa kuskuren lissafi zai cece shi ba. Na biyu, idan kotu ta ga hayar ta ƙare, duk kwanan da ya ƙara a gidan sai ya biya kuɗin zamansa. A kan naira 900,000 a shekara, kusan naira 2,466 ke nan kowace rana, kuma mai gida na iya neman a lissafa da farashin da gidan zai samu a kasuwa a lokacin.

Alhaji kuma, ko da notis ɗinsa ya inganta tun farko, ranar 28 ga Fabrairu ba ranar fitar da kaya ba ce. Wannan ma abu ne da ake yawan jahilta. Idan wa'adi ya cika ɗan haya bai fita ba, sashe na 7 na dokar ya ce a ba shi wata takarda ta biyu, ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Kwana bakwai ɗin cikakku ne, ba a ƙirga ranar da aka kai takardar ba, ba a ƙirga ranar shigar da ƙara ba. Idan an kai ta Litinin 3 ga Maris, kwanakin su ne 4 zuwa 10, sai ranar 11 a shigar da ƙara a kotun gunduma. Daga nan sai sammaci, sai zaman kotu, sai hukunci, sannan ma'aikatan kotu ne kaɗai za su fitar da mutum da takardar umarni. Babu yadda za a yi wannan hanya ta ƙare kafin ɗaurin aure a watan Afrilu.

Ƙanen Alhaji, da zafinsa na matashi, ya kawo shawarar a canza kwado ko a yanke wuta da ruwa idan ranar ta zo. Alhaji bai saurare shi ba, kuma ya yi daidai. Tun 1986, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa ya shiga ya fitar da ɗan haya ya yi kutse, ko da gidan nasa ne, kuma zai biya diyya. Kiran 'yan sanda ma ba hanya ba ce, domin rikicin haya ba aikinsu ba ne. Ga shi kuma azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, wato washegarin ranar da aka rubuta a takardar. Fitar da mai iyali a jajibirin azumi abu ne da unguwa ba za ta manta wa mutum ba.

Yadda aka warware

Limamin masallacin layin ne ya zaunar da su bayan sallar isha'i a tsakiyar Disamba, dillalin yana wurin. Malam ne ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, ni ban zo in yi jayayya da kai a kan gidanka ba. Shekara huɗu ban ga komai a wurinka ba sai alheri. Amma Fabrairu ta yi mini kusa. Ka bar ni zuwa ƙarshen Yuli, yara su gama zangon karatu."

Alhaji ya ce, "Malam, ni ma ba korarka nake yi ba, Allah ya sani. Yuli ce ba za ta yiwu ba, an riga an kai kuɗi, dangin yarinya suna jira. Zan roƙe su a ɗaga biki zuwa bayan babbar salla. Ka ba ni gidan ƙarshen Mayu, in samu mako uku na fenti da jere."

A kan 31 ga Mayu 2025 aka tsaya. Abin da ya ba wannan rana ƙarfi shi ne ba notis ba ce kuma, yarjejeniya ce. Ƙa'idar wata shida da ta jajibirin zagayowa suna ɗaure mai gidan da ke son yanke haya shi kaɗai. Idan ɓangarorin biyu suka yarda ɗan haya zai miƙa gida a wata rana, ranar da suka zaɓa ita ce rana. Sai dai a rubuta, kowa ya sa hannu. An rubuta da Turanci saboda kotu, aka karanta musu da Hausa a gaban liman, ga ma'anar jigonta:

"Ni mai gida mai lamba kaza, layi kaza, Kubwa, da ɗan hayata da ke zaune a gidan a kan hayar shekara-shekara tun 1 ga Maris 2021, mun yarda cewa ba za a sabunta hayar ba bayan 28 ga Fabrairu 2025, saboda ɗana zai zauna a gidan da iyalinsa. An janye takardar 11 ga Nuwamba 2024. Ɗan haya zai ci gaba da zama daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu 2025, zai biya naira 225,000 kuɗin zaman waɗannan watanni uku, kuma wannan biya ba sabuwar haya ba ce. Zai miƙa gidan babu kowa babu kaya, tare da dukkan makullai, ranar Asabar 31 ga Mayu 2025 kafin ƙarfe 4 na yamma. Za a duba gidan tare a ranar, a mayar masa da kuɗin ajiyarsa na naira 100,000 cikin mako biyu bayan cire abin da aka yarda an lalata."

Naira 225,000 ɗin daga raba 900,000 gida goma sha biyu ta fito, 75,000 a wata, sau uku. Jimlar da ta ce wannan biya ba sabuwar haya ba ce ita ce mafi tsada a takardar. Mai gidan da ya ba da notis sannan ya karɓi kuɗi bayan wa'adi ya rubuta rasit na haya kamar yadda aka saba, yana iya wayar gari a ce masa ya janye notis ɗinsa da hannunsa, sabuwar shekara ta kama. Shi ya sa aka gargaɗi dillalin kada ya yi amfani da tsohon littafin rasit ɗinsa yadda ya saba. A rasit ɗin ya rubuta kuɗin zama na wata uku bisa yarjejeniyar miƙa gida, da kwanan watanta. An yi kwafi biyu na yarjejeniyar, kowa ya riƙe ɗaya mai ɗauke da sa hannu na asali, liman da dillali suka sa hannu a matsayin shaidu.

Malam ya samu gida a unguwar Dutsen Alhaji a farkon Mayu, ya kwashe kayansa kwana biyu kafin ranar. Ranar Asabar ɗin suka zaga ɗaki-ɗaki da dillali, ana ɗaukar hoto da waya. An rubuta lambar mitar wuta da abin da ya rage a cikinta, aka ƙirga makullai, aka rubuta adadinsu a bayan yarjejeniyar, kowa ya sake sa hannu da lokaci. Wannan rubutu na bayan takarda shi ne shaidar cewa gida ya koma hannun mai shi, kuma daga wannan sa'a duk abin da ya samu gidan ba a wuyan malam yake ba.

Saɓani ɗaya ne ya taso, a kan fenti. Dillalin ya so a cire kuɗin fentin gidan duka daga ajiya. Malam ya ce fentin da aka yi tun 2021 dole ya kwanta bayan shekara huɗu ko da wa ya zauna, kuma yarjejeniyar farko ba ta ɗora masa sake fenti ba. Gaskiyarsa ce. Tsufan da abu ke yi saboda amfani na yau da kullum na mai gida ne, ɓarna ce ta ɗan haya. Alhaji ya yarda. Aka cire naira 18,000 na gilashin taga da yara suka fasa da hannun ƙofar banɗaki, da naira 7,000 na ragowar kuɗin ruwa, aka tura wa malam naira 75,000 ranar 10 ga Yuni.